Yadda ake rubuta gajeren labarin yarinyar da ta iske maciji cikin jakarta ta makaranta

Kashi ɗaya cikin goma na irin wannan labari ya ishi macijin. Sauran tara na mutanen gida ne: wa ya fara magana, wa ya ruga, wa ya tsaya, wa ya ɗora wa wani laifi, wa kuma ya san laifin nasa ne ya yi shiru. Yawancin masu fara rubutu sukan ƙarar da ƙarfinsu wajen kwatanta tsawon maciji da ihun yarinya, in suka iso kan iyali sai su ce “hankalin kowa ya tashi” su rufe. Nan labarin yake mutuwa. Za mu bi aikin daki-daki da misali ɗaya, labari mai kalmomi 1,200 zuwa 1,500, wanda za a iya karanta wa ƴan aji cikin minti goma zuwa goma sha biyu. Yarinyar sunanta Ramatu, shekararta 10, tana aji CM1, gidansu na bakin gari a Tawa, kuma ita ce ƴar fari.

Mataki na farko: zaɓi macijin kafin ka rubuta komai

Kada ka rubuta “maciji” kawai ka wuce. Mutumin Adar ya san macizan ƙasarsa, kuma kowane iri da labarin da yake haifarwa. Kasa gajera ce mai kauri da nauyi, babbarta takan kai mita ɗaya. In ta shiga jakar ƴar shekara goma, yarinyar za ta ji nauyin tun kafin ta ɗaga, ba za ta kai ga buɗewa ba tare da ta san akwai wani abu a ciki ba. Kumurci dogo ne, kuma yana fesa dafi a ido daga nesa. In shi ka zaɓa, labarinka ya koma labarin ido da wanke shi da ruwa mai yawa, wanda wani labari ne daban.

Wadda ta dace da jaka ita ce kububuwa. Tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 30 zuwa 60, launinta na ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo, in ta naɗe ba ta cin wurin da ya fi tafin hannun babba da yawa, don haka tana iya kwanciya tsakanin allo da littafi ba a lura ba. Da dare take yawo, da rana ta nemi maɓoya. Tana da wata ɗabi'a da ke yi wa marubuci aiki ƙwarai: in ta ji barazana sai ta naɗe tana goga jikinta da jikinta, ta fitar da wani sauti mai kaushi. Ke nan yarinyar za ta ji ta kafin ta gan ta, kuma wannan jin shi ne zai hana ta zura hannu. Ga shi kuma dafinta na kisa, saboda haka tsoron iyali ba na banza ba ne.

Akwai kurakuran da ke zubar da mutuncin marubuci nan take. Maciji ba shi da fatar ido, kada ka ce ya ƙifta. Harshensa ba ya sara, da shi yake shinshinar iska. Ba shi da kunnen waje, motsin ƙasa da girgizar jakar ne suka fi isa gare shi, don haka kada ka rubuta cewa ihun Ramatu ne ya harzuƙa shi. Ba ya kuma bin mutum da gudu cikin tsakar gida don ramuwa. Abin da yake nema shi ne hanyar fita.

Mataki na biyu: ba shi hanyar shiga jakar

Mai karatu zai tambayi yadda aka yi ya shiga, kuma amsar ita ce ƙashin bayan labarin. Fara da lokaci. Kada ka sa abin cikin watan Agusta, domin ƴan makaranta na hutu. A Nijar cikin Oktoba ake komawa aji, daidai ɗaukewar ruwa da shigowar kaka: ciyawa ba ta gama bushewa ba, ana shigo da damman gero daga gona, ɓeraye na bin hatsin, macizai na bin ɓerayen. Wani lokaci ma cikin damin ake ɗauko macijin a kan amalanke har cikin gida. Ƙarshen Oktoba ke nan ya fi dacewa. In kana son lokacin zafi ne, cikin Afrilu, to ka ajiye jakar kusa da gindin randa inda ƙasa ke da sanyi da damshi.

Sai ka haɗa dalilai uku, ka raba su ga mutum uku, ta yadda ba wanda zai fita da hannu wankakke. Zif ɗin jakar ya lalace tun mako biyu, Ramatu ta gaya wa babanta, ya ce a bari sai ranar Lahadi in ya shiga kasuwa, Lahadi biyu sun wuce. An jingine damma a jikin katanga kusa da zaure, uwar ta ce za ta sa a kai su rumbu, aiki ya sha kanta. Ita kuma Ramatu, wadda kullum a ƙusa take rataye jakarta cikin ɗaki, daren jiya ta cusa ta bayan damman da gangan, domin a ciki akwai takardar jarrabawar lissafi da ta ci uku bisa goma, kuma mushe, wato malaminsu, ya ce sai an sa hannu a gida.

Wannan na ukun kada ka bayyana shi da wuri. Ka nuna kawai ƙusar babu komai a kanta, ka nuna yarinyar ta fita tsakar gida tana waige-waige. Mai karatu zai riƙe tambayar a ransa har lokacin da za a zazzage jakar a gaban kowa.

Mataki na uku: raba kalmomin

A labari mai kalmomi 1,300, ba buɗewa 150, gano macijin 150, iyali 650, fitar da macijin 150, abin da ya biyo baya 200. Duka abin ya faru cikin gida ɗaya, daga wajen ƙarfe bakwai na safe zuwa lokacin da ya kamata a ce tana cikin aji, ƙarfe takwas. Wannan agogon na taimakawa, domin makara ma wata fargaba ce a zuciyar yaro. Kada ka fara da kiran sallar asuba da bayanin yadda garin Tawa yake, fara daga inda hannunta ya kusa da jakar. Mutanen da za su yi magana kada su wuce biyar, har da Ramatu. In maƙwabta sun shigo, su zama murya ɗaya daga bakin ƙofa.

Mataki na huɗu: wurin ganowa

Nan gajerun jimloli ake so, kuma a bi tsarin da jiki ke bi: kunne, sannan ido, sannan ƙafa, baki daga ƙarshe. Mutumin da ya firgita da gaske sau da yawa muryarsa ba ta fita nan da nan. Ga yadda zai iya kasancewa:

“Ta jawo jakar da maratayinta, ta durƙusa. Bakin a buɗe yake kamar kullum. Ta miƙa hannu za ta laluba takardar, sai ta ji wani sauti daga ciki, kamar an yayyafa ruwa a tanda mai zafi. Ta tsaya. Sautin bai tsaya ba. Tsakanin allonta da littafin karatu wani abu mai launin ƙasa yana murɗawa a kan kansa. Ta ja da baya a kan gwiwa, ɗaya, biyu, har bayanta ya bugi turmi. Ta buɗe baki sau biyu kafin ‘Inna’ ta fito.”

Lura ba a ambaci maciji ba ko sau ɗaya. Ka bar wani daga cikin gidan ya faɗi sunan, domin wanda ya faɗa da yadda ya faɗa suna nuna halinsa. Lura kuma ta ja da baya ne, ba ta wurgar da jakar ba. In ka sa ta wurgar, macijin zai faɗo tsakiyar gida inda ƙannenta ke yawo ba takalmi, kuma yaron da ya ji labarin zai ɗauka haka ake yi.

Mataki na biyar: mutanen gida

Nan ne za ka zauna ka yi aiki. Dokar ita ce kowane mutum ya yi abu ɗaya da hannunsa, ya faɗi magana ɗaya da ba wanda zai faɗe ta sai shi. In mutum biyu suka yi salati iri ɗaya suka ruga gefe ɗaya, ɗayansu ba shi da amfani, cire shi.

Fara da uwa, domin ita aka kira. Da yake Ramatu ƴar fari ce, a gidan da ake riƙe da al'ada uwar ba ta kama sunanta. “Ke” take ce mata, ko “yarinyar nan”, ba ta kuma nuna damuwa da ita a gaban surukarta. Ka shuka wannan a buɗewa da jimla ɗaya tak, misali uwar ta ce wa ƙanen, “Ce wa waccan ta zo ta sha kunu.” To a lokacin da ta ji sautin daga jakar, ta ga inda ɗiyarta ke durƙushe, sai sunan ya kuɓuce mata: “Ramatu! Kada ki motsa hannunki.” Ta finciko ta, ta juya tafin hannun, ta juya bayansa, ta duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta duba ƙafa. Da ta tabbatar babu sara, sai kunya ta dawo mata, ta saki hannun ta hau faɗa: “Mi ya kai jaka bayan damma? Ƙusar ɗakin cire ta anka yi?” Kada ka bayyana wa mai karatu cewa faɗan nan ƙauna ce. Bahaushe ya sani. Abin da za ka ƙara kawai shi ne Ramatu ba ta jin faɗan, tana can tana juya yadda sunanta ya fito daga wannan bakin.

Kaka, uwar uba, ita ce ta ga abin da ya faru ta yi kamar ba ta ji ba. Tsakaninta da jikarta akwai wasa, “kishiya” take ce mata, kuma wannan wasan ne ke sassauta wurin bayan an tsorata. Ita ce za ta gane irin macijin daga sautinsa ba tare da ta tashi daga tabarma ba, ta ce a janye yara. Tsofaffi da yawa ba su son kama sunansa, musamman da dare, sai su ce igiyar ƙasa, kuma ya dace da bakinta. Ita ce kuma za ta fara tambayar da ke iya kai labarin wani wuri: “Duk jakunkunan garin nan, sai ta kishiyata?” A nan ka yi hattara. Zargin turo maciji abu ne da ake yi a gidaje, barinsa cikin labari gaskiya ce. Amma in ka bar shi ba amsa, ko ka nuna wata maƙwabciya da ido, ka mayar da labarin na asiri, ka kuma ɗora wa baiwar Allah laifin da zif da damma suka yi. Bari wani ya amsa mata da abin da ido ke gani: kashin ɓera a gindin damman, da guntun ƙuli-ƙulin da aka ci rabi a aljihun jakar.

Uba ya shigo daga zaure ko daga masallaci. Kada ka mai da shi jarumin da ba ya tsoro, kada kuma ka mai da shi abin dariya. Mutum ne da ya san kububuwa, shi ya sa bai matsa kusa ba. Ya sa takalmi rufaffe, ya ce kowa ya koma bayan turmi, ya ɗauko doguwar sanda. Maganarsa kaɗan ce, umarni ne. Wurin da za ka kama shi shi ne lokacin da idonsa ya sauka kan zif ɗin. Jimla ɗaya ta isa: ya dubi bakin jakar, bai dubi ɗiyarsa ba.

Ƙane, ɗan shekara shida, shi kaɗai ne ke murna. Yana son ya gani, ana janye shi yana komowa, kuma kafin a gama ya riga ya kai labari ƙofar gida cewa macijin ya fi Baba tsawo. Amfaninsa biyu ne: yana kawo dariya ba tare da an raina haɗarin ba, kuma shi ne zai ɗauki takardar jarrabawar daga ƙasa ya ɗaga sama yana tambayar ko ta wace ce.

Tsarin shigowarsu ma aiki ne. Uwa tukuna, sai kaka, sai ƙane, uba daga ƙarshe. In uban ya riga kowa isowa zai warware matsalar cikin layi uku, sauran ba su sami wurin nuna kansu ba.

Mataki na shida: fitar da macijin

Yara za su karanta, wasu za su kwaikwaya, don haka abin da babba ya yi cikin labarin ya zama abin da ya dace. Uban ya zura sandar cikin maratayin jakar, ya ɗaga ta nesa da jikinsa, ya fita da ita fili inda babu ciyawa ba kuma yara, ya kifar da ita da sandar. Ba ya zura hannu, ba ya leƙawa da fuska, ba ya dukan jakar a rufe don ba zai san ko abin ya mutu ba. A mafi yawan gidajen Tawa kashe kububuwar za a yi, kuma ba laifi ka rubuta hakan yadda yake, a layi biyu, ba tare da ka mai da shi biki ba. Sai dai ka sa wani ya hana ƙanen taɓa kan, domin kan macijin da aka kashe yana iya sara bayan an raba shi da jiki. A tona rami a binne. Kafin a mayar da littattafai, a sake zazzage jakar, a kuma ɗaga damman da sanda ɗaya bayan ɗaya.

In ka ga dole sai kububuwar ta sari Ramatu

Shawararmu ita ce kada ta sare ta. Da zarar an yi sara, labarin ya tashi daga tsakar gida ya koma hanyar asibiti, kuma kalmomi 1,300 ba za su ɗauki biyun ba. Amma in ka zaɓi hakan, to ka rubuta shi daidai. Wanda kububuwa ta sara ba ya faɗuwa matacce cikin minti biyar. Wurin yakan yi zafi ya kumbura, haɗarin kuwa yana zuwa ne bayan sa'o'i: dafin na hana jini daskarewa, sai a ga jini a dasashi, ko a fitsari, ko yana tsattsafowa daga wani tsohon rauni. Yarinya na iya zama tana magana lafiya lau da hantsi, iyali su ce abin ya zo da sauƙi, alhali yanzu aka fara. Wannan jinkirin shi ne tashin hankalin da za ka yi amfani da shi.

Gardamar gidan za ta kasance kan abin da za a yi. Wani zai ce a ɗaure hannun tamau da igiya, wani a tsaga a tsotse, wani a kira mai magani ko a manna baƙin dutse. Bari su faɗa, domin haka ake faɗa, amma kada labarin ya nuna ɗaya daga cikinsu ya yi aiki. Ɗauri mai tsanani na iya kashe hannun, tsagawa kuwa ga wanda jininsa ba ya daskarewa ƙara masa zubar jini ne. Abin da ya dace a gani shi ne a cire mata zobe da awarwaro tun kafin kumburi, a hana hannun motsi, a kwantar mata da hankali, a ɗauke ta kada ta yi gudu, a nufi asibiti nan take. A can likita zai ɗebi jininta ya ajiye cikin bututun gilashi busasshe na minti 20, in bai daskare ba an san dafin ya shiga jiki, sai allurar kashe dafi. Minti ashirin ɗin nan da iyali za su yi suna kallon bututu sun isa su zama tsakiyar labarin.

Mataki na bakwai: rufewa

Rufewa uku ne suka fi ɓata irin wannan labari: Ramatu ta farka ashe mafarki ne, ko macijin ya zama na roba da ƙanenta ya saka, ko uban ya tara yara ya yi musu wa'azin tsabta. Na farko da na biyu sun yaudari mai karatu da ya ji tsoro da gaske, na ukun kuma ya maimaita abin da labarin ya riga ya nuna.

Ka rufe da abin da ka shuka. Takardar na hannun ƙanen, kowa ya ga uku bisa goma, kowa ya gane dalilin da jakar ta kwana bayan damma. Ramatu na jiran duka. Uban ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, ya nemi biro ya sa hannu, ya ce da uwar a ba shi jakar zai biya wurin tela yanzu, ba sai Lahadi ba. Uwar ta zuba littattafan cikin leda ta miƙa, ta ce, “Ke, tahi kin makara.” Ta koma “ke” ɗinta. Kaka ta ce a gaida mushe, a ce masa kishiyarta ta yi baƙo ne. Tsaya nan. Kada ka bi ta makaranta.

Dubawa kafin a fitar

Karanta labarin da ƙarfi, ka rufe sunayen masu magana da yatsa. In ba ka iya gane wa ke magana daga kalmominsa kaɗai, muryoyin sun zama ɗaya, sai ka koma mataki na biyar. Ƙirga sau nawa ka rubuta “tsoro”, “firgita” da “hankali ya tashi”. In sun wuce biyu, maye gurbin sauran da abin da hannu ko ƙafa suka yi. Game da harshe, ka bar bayanin marubuci cikin daidaitacciyar Hausa, ka sa Adaranci a bakin mutane da awo: “mi”, “anka”, “tahi”, “ɗiya”, da kalmomin makaranta irin su “lakwal” da “mushe”, sun isa su nuna inda ake ba tare da mai karatu na Damagaram ko Kano ya yi tuntuɓe ba. Kaka ta fi kowa nauyin karin harshe, Ramatu ta fi kowa kalmomin lakwal. Daga nan ka ba mutum biyu su karanta, manomi ko ma'aikacin lafiya da ya san kububuwa don ya duba ko macijin ya yi abin da maciji ke yi, da yarinya ƴar CM1 ko CM2. Ita ka tambaye ta wurin da ta fara gajiya, ka rage wannan sakin layin da rabi.